Yadda ake gyara saɓanin suna tsakanin takardar izinin aiki da rajistar jarrabawa

Saɓanin suna ba ya tashi ranar da aka yi shi. Yakan kwanta shekaru a cikin dosiye, sai ranar da wata ƙungiya za ta ɗauki ma'aikaciyar jinya aiki, ko wani asibiti na ƙasar waje ya rubuto wa hukumar jarrabawa yana son ta tabbatar masa da difilom, sannan amsa ta dawo cewa ba a ga mai wannan suna ba cikin waɗanda suka ci jarrabawar wannan shekara. Mutumin ɗaya ne, shi ya zauna aji, shi ya ci, shi aka ba izinin aiki. Amma mai bincike bai san fuskarsa ba, haruffa kawai yake gwamawa.

A nan Damagaram abin ya yi yawa saboda yadda sunayenmu suke shiga takarda. Suna ɗaya, wani ya rubuta Mahaman, wani Maman, wani Mamane, wani Mahamadou. Laouali ya koma Lawali, Aboubacar ya koma Boubacar, Hadizatou ta koma Hadiza. Wani sakatare yana fara da sunan uba, wani da sunan yanka. Wani ya saka Elhadji ko Malam a gaban sunan mahaifi, wani ya cire. A gida duk ɗaya ne, kowa ya san wanda ake nufi. A rajista kuwa mutane biyu ne.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata anfirmiye ce da ta gama makarantar kiwon lafiya a Damagaram, ta ci jarrabawar bai-ɗaya ta fita wadda ma'aikatar kiwon lafiya take shiryawa, daga baya ta samu takardar izinin aiki. Sunan misali ne kawai: takardar haihuwarta ta ce Hadizatou, mahaifinta Mahaman Laouali. Izinin aikinta ya fito da MAHAMAN LAOUALI Hadizatou, don an kwafo shi daga takardar zama ɗan ƙasa. Amma a jerin sakamakon jarrabawa, da atestasiyon da aka ba ta, an rubuta MAMAN LAWALI Hadiza.

Mataki na farko: nemo inda kuskuren ya shiga

Kada ka je kowane ofishi tukuna. Ka shimfiɗa tabarma, ka fito da takardunka na asali duka, ka jera su bisa shekarar da aka yi kowace: takardar haihuwa ko jujuma, wato hukuncin alƙali da ya maye gurbinta, takardar zama ɗan ƙasa, birebe, bak in kana da shi, katin makarantar sana'a, takardar kiran jarrabawa, takardar maki, atestasiyo ko difilom, izinin aiki ko katin oda, wato hukumar da ke rajistar masu sana'arka, sai katin shaida da fasfo. Ka ɗauki farar takarda ka kwafe abu huɗu daga kowace, harafi bayan harafi: sunanka, sunan uba, ranar haihuwa, wurin haihuwa. Kada ka kwafa da ka, ka sa yatsa a kan rubutun. Ido ya saba da sunan mai shi, yana karanta Laouali a inda aka rubuta Lawali bai lura ba.

Ranar haihuwa da wurinta suna da muhimmanci kamar sunan. Wanda takardarsa ta asali ta ce an haife shi wajen shekara kaza, ba rana ba wata, sau da yawa zai tarar an mayar masa da ita 1 ga Janairu a wata takarda, a wata kuma an bar shekarar kawai. Haka wanda aka haifa a wani ƙauye na Mirriya ko Magariya, wata takarda ta ambaci ƙauyen, wata ta ce Zinder. In akwai irin wannan, a haɗa shi cikin gyara ɗaya, kada a gyara suna bana a dawo wa kwanan wata baɗi.

Da ka gama jerin za ka ga takarda ta farko da ta kauce. Ita ce za ta gaya maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ma'aunin kuwa guda ne: rajistar haihuwa ta eta-sibil. Kowace takarda daga gare ta ta samo suna, don haka ita ake bi. Shi ya sa kafin komai ya kamata ka je meri inda aka rubuta haihuwarka, ka nemi sabon kwafi da aka ciro daga rajistar kanta, kuma ka roƙi ma'aikacin ya buɗe littafin a gabanka. Takardar da ke hannunka tun kana yaro ita ma wani ne ya kwafe ta da hannu, yana iya yiwuwa shi ya fara kuskuren.

Hali uku ne ke fitowa. Ko izinin aiki ne ya kauce, ko rajistar jarrabawa, ko ita kanta takardar haihuwar.

In izinin aiki ne ya kauce, an yi sa'a. Difilom da takardar haihuwa sun yarda da juna, wanda ya buga izinin ne hannunsa ya zame. Sai a rubuta wa hukumar da ta sa hannu a kan izinin, a haɗa kwafin difilom da na takardar haihuwa da na izinin, ta fitar da gyara. A nan ne matan aure suke yawan faɗawa: izinin ya fito da sunan miji, Madam wane, alhali difilom yana ɗauke da sunan mahaifi. Difilom ba ya canzawa don an yi aure. Abin da ya fi shi ne izinin ya ɗauki sunan haihuwa, in ana so a ƙara na miji sai a haɗa da takardar aure.

In rajistar jarrabawa ce ta kauce

Wannan shi ne halin Hadizatou, kuma shi ya fi cin lokaci, don hukumar jarrabawa ba ta taɓa takardar sakamako da baki. Alƙalan jarrabawa sun zauna, sun sa hannu a kan jerin waɗanda suka ci, an rufe. Duk wanda ya zo yana cewa nan sunana ne aka ɓata, dole ya nuna cewa shi ne ya zauna a wannan tebur. Kada ka ji haushin wannan tsanani. Shi ne yake hana wani ya ɗauki difilom ɗin ƴar'uwarsa mai kama da sunansa ya shiga ɗakin haihuwa da shi.

Hadizatou za ta fara daga makarantarta, ba daga Yamai ba. Makaranta ce ta haɗa dosiyen ƴan jarrabawa ta aika, ita ta buga jerin sunaye. Ta je wurin mai kula da rajistar ɗalibai ta ce: "Malam, don Allah dosiyena na shiga makaranta nake son a duba mani, da jerin da aka aika na jarrabawar fita." Abu ɗaya take nema ta gani: wace takardar haihuwa ce ke cikin wannan dosiye, me aka rubuta a kanta.

In takardar da ke ciki ta ce Hadizatou Mahaman Laouali, magana ta yi sauƙi. Ta kawo suna daidai, wajen buga jeri aka gajarta shi. Sai ta roƙi daraktan makaranta ya rubuta mata shaida mai sa hannu da hatimi, wadda ta ce ɗalibar da ke rajistarsu da lamba kaza, wadda ta shiga shekara kaza, ita ce aka gabatar a jarrabawar shekara kaza da lambar tebur kaza, kuma kuskuren rubutu ne ya sa sunanta ya fito daban. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan dosiyen. Shaidar da ta ce kawai "ɗalibarmu ce" ba ta wadatar ba, sai ta ambaci suna biyun nan duka ta ɗaure su da lambar tebur.

Lambar tebur, shekarar jarrabawa, cibiyar da aka zauna, da fannin da aka yi: da waɗannan ake gano mutum a rajista, ko da sunan ya lalace. Wanda ya adana takardar kiran jarrabawarsa ya huta. Wanda ya ɓatar, makaranta tana da kwafin jerin, a nan zai samo lambar.

In kuwa aka buɗe dosiyen aka tarar takardar birebe ce ta fara cewa MAMAN LAWALI Hadiza, makarantar kiwon lafiya kuma daga can ta kwafo, to kuskuren ya girmi wannan jarrabawa. Sai an koma baya an nemi gyaran birebe a sashen jarrabawa na ma'aikatar ilimi, ta hannun ofishinta na jiha. In bak ne, hukumar OBEECS da ke Yamai ce mai rajistarsa. Mutane da yawa suna tsallake wannan don suna ganin birebe ya wuce, wa zai tambaye shi. Ana tambaya. Dosiyen konkur na shiga aikin gwamnati da na neman ƙarin karatu sukan nemi takardar da aka shiga makarantar sana'a da ita, kuma a nan saɓanin zai sake fitowa.

Bayan shaidar makaranta sai wasiƙar neman gyara, da Faransanci, zuwa ga shugaban hukumar da ta shirya jarrabawar. Gajeruwa ake so. Ta faɗi ko ita wace ce, shekarar jarrabawa, cibiya, lambar tebur, lambar atestasiyo, sannan ta nuna gyaran da siffar da ofisoshi suka saba da ita:

```
Objet : Demande de rectification de nom
Au lieu de : MAMAN LAWALI Hadiza
Lire : MAHAMAN LAOUALI Hadizatou
```

Ko da wasiƙar da hannu aka rubuta ta, waɗannan layuka biyu na suna a yi su da manyan haruffa rarrabe, don wanda zai buga gyaran daga nan zai kwafa. Ba a rasa wanda aka gyara wa suna aka sake ɓata wani harafi a cikin gyaran. Ta sa lambar wayarta a ƙasa.

Abin da za a liƙa wa wasiƙar: sabon kwafin takardar haihuwa, kwafin takardar zama ɗan ƙasa, kwafin atestasiyo ko difilom mai kuskuren, takardar maki, shaidar darakta, da kwafin izinin aiki. Kowane kwafi a kai shi a buga masa hatimin cewa ya yi daidai da na asali. Kuɗin tambur da na aikin, a tambaya a wurin, a biya a akwatin ofishi, a karɓi rasit. A haɗa dosiye biyu iri ɗaya, ɗaya a miƙa, ɗaya ya zauna a gida.

Hanyar miƙawa ta danganta da matsayinta. In ma'aikaciyar gwamnati ce, wasiƙarta tana bin shugabanninta: majo, likitan da ke shugabantar gundumar lafiya, sannan ofishin kiwon lafiya na jihar Damagaram, shi ya tura Yamai. In ba ta aikin gwamnati, ta fara tambaya a ofishin jihar ko suna karɓa su tura. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, bai kamata mutum ya hau mota da dosiyen da ba a duba masa a nan ba, ya je can a ce masa takarda ɗaya ta rage.

Duk inda aka miƙa, kada a juya baya sai an buga hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙar, da kwanan wata da lambar shiga. Da wannan lamba ake bibiyar dosiye. Wanda ya buga waya ya ce "na kawo takarda kwanaki" ba a san inda za a nemo masa ba, wanda ya ce lamba kaza ta ranar kaza, littafi ake buɗewa a gani. Idan an ce sai an bar takardar asali don a soke ta a fitar da sabuwa, a bayar, amma a karɓi shaidar ajiya mai sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa.

Abin da zai dawo ba lalle ne ya zama sabon difilom ba. Difilom da yawa sau ɗaya ake ba da su, wasu ma a jikinsu an rubuta haka. Yana iya zama sabuwar atestasiyo, ko takardar gyara da za a riƙa haɗawa da difilom ɗin. Kowanne aka ba ta, tambaya ɗaya ce Hadizatou za ta yi kafin ta fita: "Ranka ya daɗe, an gyara a rajistarku ma, ko a takardata kaɗai?" Mai bincike daga waje rajistar ake duba masa. In takardar hannunta ta gyaru, rajista tana nan yadda take, amsar da za a ba shi ita ce ta da. Wanda kuma yake riƙe da atestasiyo kawai, difilom bai fito ba tukuna, ya gaggauta, gyara kafin bugawa ya fi sauƙi nesa.

Takardar shaidar mutum ɗaya

Da zarar ka faɗi matsalarka a bakin kotu ko meri, wani zai ce maka ka yi takardar da ake rubuta wa `Certificat d'individualité` a kanta. Takarda ce da hukuma take shaida cewa suna kaza da suna kaza mutum ɗaya ne. Tana da amfani ƙwarai idan lokaci ya ƙure: konkur zai rufe, ko mai ɗaukar aiki yana jira, gyara kuwa bai fito ba. Kafin ka yi ta, ka tambayi ofishin da za ka kai wa ko yana karɓa, kuma daga wace hukuma yake son ta fito.

Amma ka san iyakarta. Gada ce ta tsallake ruwa, ba ta ƙafar da kogin. Ba ta canza harafi ɗaya a rajistar jarrabawa, ba ta warware saɓanin shekarar haihuwa, kuma in bambancin ya wuce rubutu, misali sunan uba ya koma na kaka ko na kawun da ya riƙe ka, mai bincike yana da damar ƙin ta. Ka yi ta ka rufe buƙatar yau, dosiyen gyara kuma ya ci gaba da tafiya.

In takardar haihuwa ce ke da laifi

Nan babu darakta ko minista da zai gyara maka, aikin kotu ne. Dokar eta-sibil da Nijar take aiki da ita ita ce mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019. Ta ba da kwana 60 a rubuta haihuwa, wanda ya wuce haka sai da hukuncin alƙali, abin da muke kira jujuma. Abin da aka riga aka rubuta a rajista ma ba a kankare shi. Ana kai buƙata kotun da ke da iko a kan wurin da aka rubuta haihuwar: ɗan birni ya je babbar kotun Damagaram, wanda aka rubuta a Matamaye ko Tanut ko Gure ya je kotun can. Ka fara da magatakardan kotu, shi zai faɗa maka abin da za ka kawo. Ka tafi da cikakken kwafin rajista, takardun shaidar mahaifi da mahaifiya, takardun ƴan'uwanka da suka nuna yadda ake rubuta sunan mahaifinku, da shaidun da suka san ka.

Hukunci in ya fito, aiki bai ƙare ba. Sai an kai shi meri an rubuta gyaran a gefen shafin rajista, an ciro sabon kwafi. Daga nan a bi layi: takardar zama ɗan ƙasa, katin shaida, fasfo, sannan jarrabawa, izinin aiki a ƙarshe.

Akwai wata shawara da ake yawan ba mutane, kuma ina roƙon kowa ya guje ta: wai tunda difilom ya yi wuyar gyara, a je a yi sabon jujuma da sunan da ke kan difilom. Wanda ya yi haka ya zama yana da haihuwa biyu a rajistar ƙasa. Yau abin zai wuce, gobe wajen fasfo ko fansho takardu biyun su haɗu a tebur ɗaya, kuma a lokacin tambayar ba ta kuskuren rubutu ba ce, ta ƙarya ce a gaban alƙali. Wanda iyayensa suka riga suka yi masa jujuma na biyu yana yaro, don a rage masa shekara ya samu zama jarrabawa, ya je ya faɗa wa kotu gaskiya a soke ɗaya. Haka nan goge harafi da farin ruwa, ko gyara hoton difilom a shagon intanet, jabu ne a dokar hukunta laifuka, kuma mai yin amfani da takardar ma laifin ya hau kansa. Ma'aikaciyar jinya tana iya rasa izinin aikinta gaba ɗaya a kan harafin da hanya ta gaskiya za ta gyara.

Injiniya, da wanda ya yi karatu a Nijeriya

Hanyar injiniya ɗaya ce, ƙofofin ne suka bambanta. Rajistarsa tana sashen kula da karatu na makarantar da ta ba shi difilom, ko EMIG ce a Yamai ko Jami'ar André Salifou a nan gida, kuma takardar zaman alƙalan jarrabawa ta shekarar da ya fita ita ce abin dubawa. Bayan an gyara can sai ya kai wa hukumar oda ta gyara katinsa. Shi abin ya fi matsa masa wajen neman kwangila, inda ake haɗa difilom da tarihin aiki da katin oda na kowane ma'aikaci, saɓani ɗaya kuma yana iya sa a ƙi lissafa shi cikin ma'aikatan kamfanin.

Ƴaƴanmu da suka yi karatu a Kano ko Katsina ko Zariya suna dawowa da wani salo: Aboubacar ya zama Abubakar, Ousmane ya zama Usman, Issoufou ya zama Yusuf. Rajistar hukumomin jarrabawa na WAEC ko NECO, da ta hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya, da ta COREN ga injiniyoyi, can suke, kuma can kaɗai ake gyara su, da ƙa'idarsu. A can an saba da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwa a jarida. Babu ofishin Nijar da zai taɓa waccan rajista. Abin da ya kamata mutum ya tsare a nan shi ne takardar daidaita difilom ta fito da sunan da ke takardar haihuwarsa ta Nijar, kuma dosiyen ya ƙunshi shaidar da ta ɗaure rubutun biyu, don daga wannan takarda za a kwafi izinin aiki.

Ranar da gyara ya iso hannun Hadizatou, ta yi kwafi mai hatimi da yawa ta raba wa duk inda tsohon rubutun ya shiga: hukumar da ta ba ta izinin aiki, don dosiyenta na can yana ɗauke da tsohuwar atestasiyo, ofishin ma'aikata na wurin aikinta, bankin da albashinta ke shiga, da asusun fansho, CNSS in a asibiti mai zaman kansa ko ƙungiya take, CARENI in ma'aikaciyar gwamnati ce. Sannan ta rubuta wa wanda ya fara neman tabbacin difilom ɗin, ta haɗa masa takardar gyara da lambar tebur da shekarar jarrabawa, ta roƙe shi ya sake aika tambayarsa ga hukumar.